Tambayoyi da amsoshi kan adana lambobi da hotuna kafin a goge waya ta koma kamar sabuwa

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawa a bakin mutanen da suka yanke shawarar goge wayarsu gaba ɗaya, ko don ta yi nauyi, ko don za su sayar da ita, ko kuma don mai gyara ya ce sai an yi mata fomatin. Bayanin ya shafi wayoyin Android, irin su Tecno, Infinix, itel da Samsung, domin su ne suka fi yawa a hannun jama'armu. Sunayen wurare a cikin Settings suna ɗan bambanta daga waya zuwa waya, saboda haka idan ba ka ga ainihin sunan da aka rubuta a nan ba, ka rubuta shi a wurin bincike da ke saman Settings.

1. Mene ne ainihin abin da gogewar take yi wa waya?

Gogewar da ake kira Factory reset tana share ɓangaren ma'ajiyar waya da mai ita yake amfani da shi, ta mayar da wayar yadda take a ranar da aka fara kunna ta, tana tambayar harshe da asusun Google. A yawancin wayoyi ana samunta a Settings > System > Reset options > Erase all data (factory reset), a wayoyin Samsung kuma tana Settings > General management > Reset > Factory data reset.

A wuri ɗaya da ita akwai wasu zaɓuɓɓuka masu kama da ita waɗanda ba sa taɓa hotuna ko lambobi, kamar wanda yake sake saitin Wi-Fi da Bluetooth, da wanda yake sake saitin manhajoji. Idan matsalarka ta netwok ce kawai, ka fara gwada waɗannan kafin ka kai ga babbar gogewa, domin ita ba ta da komawa baya.

2. Waɗanne abubuwa ne suke tafiya, waɗanne kuma suke saura?

Duk abin da yake cikin ma'ajiyar wayar kanta yana tafiya: hotuna da bidiyon da ka ɗauka, fayilolin da ka sauke ko aka tura maka, karatuttuka da waƙoƙi, muryoyin da ka naɗa, saƙonnin tes, tarihin kira, lambobin da aka ajiye a kan waya, manhajojin da ka ɗora tare da duk abin da ke cikinsu, kalmomin sirrin Wi-Fi, da makullin fuskar waya da zanen yatsa. Asusun da ka shiga da su, na Google da Facebook da sauransu, ana cire su daga wayar, amma su kansu suna nan ba su mutu ba, kuma za ka iya sake shiga muddin kana tuna kalmar sirri.

Abin da yake saura shi ne wanda ba a cikin ma'ajiyar yake ba tun asali. Lambobin da ke cikin layi suna nan, haka abin da ke cikin katin memori, sai dai idan ka zaɓi a goge shi tare ko kuma yana cikin yanayin da aka bayyana a tambaya ta 8. Duk abin da ya riga ya hau asusun Google shi ma yana nan. Manhajojin da wayar ta zo da su daga kamfani suna dawowa, kuma tsarin Android yana zama a kan sabuntawar ƙarshe da ka yi masa, ba ya komawa tsohon da wayar ta zo da shi.

3. Ta yaya zan san inda lambobina suke ajiye?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci game da lambobi, domin manhajar Contacts tana haɗa su ta nuna maka jeri ɗaya, alhali suna iya kasancewa a wurare uku daban: cikin layi, cikin wayar kanta, ko cikin asusun Google. Duk lokacin da mutum zai ajiye sabuwar lamba akwai wurin zaɓen inda za ta zauna, amma kaɗan ne suke lura da shi, shi ya sa bayan shekaru lambobin mutum ɗaya suke warwatsuwa. Waɗanda gogewa take cinyewa su ne na kashi na biyu, wato masu alamar Phone ko Device.

Don ka rarrabe su, buɗe Contacts ka nemi wurin tace jerin, wanda a wasu wayoyi ake kira Contacts to display, a wasu kuma yana ƙarƙashin hoton asusunka ko Manage contacts. Ka zaɓi kowane wuri shi kaɗai ka ga adadin da ke cikinsa. Misali, a ce wayar wani ɗan kasuwa tana nuna lamba 640, da ya tace sai ya ga 180 a layi, 300 a Google, 160 kuma a kan waya. Da ya goge a haka, 480 za su dawo, 160 su ɓace, kuma ba lallai ne ya lura nan take ba, sai ranar da ya nemi lambar wani abokin ciniki ya rasa. Irin wannan asarar ta fi wahalar ganewa fiye da a rasa komai gaba ɗaya, domin jerin yana dawowa cike da sunaye har mutum ya ɗauka komai ya kammala.

4. Wace hanya ce ta fi tabbas wajen adana lambobin?

Hanyar da ta fi tabbas ita ce a tattara su duka zuwa asusun Google, sannan a fitar da kwafi na biyu a matsayin fayil. A wayoyin Samsung akwai Move contacts a ƙarƙashin Manage contacts, wanda yake kwashe lambobin waya ko na layi zuwa asusun da ka zaɓa. A sauran wayoyi ana amfani da Import/Export, inda za ka zaɓi wurin da za a ɗauko da wurin da za a kai. Bayan haka ka shiga Settings, wurin asusun Google, ka tabbatar an kunna Sync na Contacts kuma ranar da yake nunawa ta yau ce, domin waya tana iya yin watanni ba ta aika komai ba idan an kashe wannan don tsimin data ko batir.

Kwafi na biyu kuwa shi ne ka danna Export ko Export to file, wayar ta haɗa duk lambobin cikin fayil ɗaya mai ƙarewa da .vcf. Fayil ne ƙarami, ko da lambobin sun kai ɗaruruwa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a fitar da fayil ɗin a bar shi cikin folda ta Download, wadda ita ma gogewa za ta share. Ka tura shi zuwa imel ɗinka, ko ka kwafe shi zuwa memori ko kwamfuta. Idan ka tura shi wayar wani na gida, ka sani cewa duk lambobin mutanenka ne ka danƙa masa, don haka ka zaɓi wanda ka amince da shi. Yadda za ka tabbatar aikin ya yi yana cikin tambaya ta 9.

5. Me zai hana in kwafe lambobin duka zuwa layi kawai?

Layi yana da amfani a matsayin ƙari, amma bai isa a dogara da shi ba. Yawancin layuka ba sa ɗaukar fiye da lamba 250 ko kusa da haka, suna yanke dogayen sunaye, kuma sau da yawa lamba ɗaya suke riƙewa ga kowane suna, ba tare da imel ko hoto ko wani bayani ba. Wanda yake da lamba 640 ya ce a kwafe su zuwa layi, wayar za ta tsaya da zarar layin ya cika. Ga shi kuma idan layin ya ɓata aka yi maka sabo da lambarka, sabon yana zuwa ne babu ko suna ɗaya a cikinsa.

6. Ina da Google Photos a wayata. Shin hotunana sun riga sun adanu ke nan?

Kasancewar manhajar a waya bai nuna cewa an adana komai ba. Google Photos yana nuna hotunan da ke cikin wayar da waɗanda suka hau asusu a fuska ɗaya, don haka ganin hoto a cikinsa ba hujja ba ce. Ka danna hoton asusunka a kusurwar sama ka karanta abin da aka rubuta. Idan ka ga Backup complete, to abin da aka zaɓa ya hau. Idan ka ga Backup is off, ba a aika komai ba. Idan kuma Waiting for Wi-Fi ka gani, hotunan suna layin jira ne, kuma wannan ya zama ruwan dare a wurinmu inda mafi yawan mutane data suke saye, ba su da Wi-Fi a gida, sai wayar ta yi ta jira har shekara. Ana iya ba ta izinin amfani da data a Photos settings > Backup, amma ka fara duba girman abin da za ta ɗora.

Abu na biyu shi ne, ko da an kunna adanawa, hotunan kyamara ne suke hawa da kansu. Sauran foldoji, kamar na hotunan WhatsApp, na abin da aka sauke, da na abin da aka turo ta Xender ko Bluetooth, sai an shiga Back up device folders an kunna kowace da hannu. Hotunan biki da na suna da 'yan'uwa suke turowa galibi a waɗannan foldojin suke, kuma su ne mutane suka fi jin ciwon rasawa. Haka nan hotunan da aka ɓoye a Locked Folder, ko Secure Folder na Samsung, ko wata manhajar ɓoye hotuna, a fito da su tukuna kafin a kwafa, domin kwafi na yau da kullum ba ya ganinsu kuma gogewa ba ta barinsu.

Abu na uku shi ne iyakar wuri. Asusun Google na kyauta yana da GB 15, wanda Gmail da Drive da Photos suke rabawa, kuma tun 1 ga Yuni 2021 duk sabon hoton da aka ɗora ana lissafa shi a ciki. Idan wurin ya cika, adanawa tana tsayawa. Zaɓin Storage saver yana rage nauyin hoto da bidiyo, yana mayar da manyan hotuna zuwa megafiksel 16, wanda ya wadatar ga kallon waya da ma wanke hoto madaidaici.

7. Hotuna da bidiyona sun yi yawa, data kuma tana da tsada. Yaya zan yi?

Ka fara duba Settings > Storage ka ga nawa hotuna suka ci, nawa bidiyo suka ci. A ce ɗan kasuwar nan na tambaya ta 3 ya ga hotuna GB 3, bidiyo GB 11. Jimillarsu GB 14 ke nan, wanda zai kusa cika asusunsa na kyauta kuma ya cinye data mai yawan haka. Abin da ya fi masa shi ne ya kwashe duka GB 14 zuwa kwamfuta ko memori ba tare da kashe ko sisi a data ba, sannan ya ɗora hotunan kawai a Google idan ya samu Wi-Fi, ta yadda abin da ya fi daraja zai kasance a wuri biyu.

Idan da kwamfuta za a yi, a haɗa wayar da kebul na USB, a buɗe makullinta, a jawo sanarwar da ta fito a zaɓi File transfer. Idan kwamfutar ba ta ga wayar ba sai caji kawai take yi, sau da yawa kebul ɗin ne na caji zalla, sai a canza wani. Foldojin da za a kwafa su ne DCIM, inda hotunan kyamara suke, da Pictures, Movies, Download da Documents. Kayan WhatsApp a sababbin wayoyi suna wannan wurin:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media
```

A yi amfani da Copy, kada a yi Cut ko Move, domin idan kebul ya motsa ana tsakiyar aiki, na asali suna nan a sake. Gara a kwafi folda ɗaya bayan ɗaya, saboda kwafin dubban fayiloli a tashi ɗaya yakan tsaya a hanya ba tare da bayyanannen gargaɗi ba.

8. Katin memori yana tsira daga gogewa?

Yana tsira idan ana amfani da shi a matsayin ma'ajiya mai cirewa, wato Portable storage, kuma ba a danna zaɓin goge shi ba lokacin gogewar. Duk da haka, shawarata ita ce a kashe wayar a zare katin kafin a fara, domin hakan ya kawar da duk wani kuskuren dannawa.

Akwai yanayi biyu da katin ba zai yi amfani ba ko da an zare shi. Na farko shi ne idan tun farko an haɗe shi da ma'ajiyar waya a matsayin Internal storage, na biyu kuma idan an kunna Encrypt SD card. A duka biyun an kulle abin da ke cikin katin da mabuɗin da yake zaune a wayar, gogewa kuma tana share mabuɗin, sai katin ya koma abin da ko wayar da ta kulle shi ba ta iya karantawa. Gwajin mai sauƙi ne: ka saka katin a wata waya ko kwamfuta, idan hotunan sun buɗe to lafiya, idan kuwa aka ce sai an yi masa fomatin, kada ka yarda, ka mayar da shi wayarka ka kwashe kayan ta hanyar da ke tambaya ta 7. Wannan gwajin yana kuma fallasa jabun katuna da suke nuna girma mai yawa alhali abin da aka zuba musu yana lalacewa.

9. Ta yaya zan tabbatar cewa adanawar ta yi kafin in goge?

Tabbaci ɗaya ne: ka ga kayanka a wata na'ura wadda ba wayar da za a goge ba. Ka buɗe burauza a kwamfuta ko wata waya, ka shiga contacts.google.com da asusunka, ka kwatanta adadin lambobin da wanda ka ƙirga a tambaya ta 3. Ƙaramin bambanci yana iya fitowa daga lambobin da aka maimaita, amma idan ana sa ran 640 aka ga 300, to ba a kwashe na waya da na layi ba. Ka kuma nemi lambar da ka ajiye cikin makon nan, domin ita ce za ta nuna ko aikawa tana tafiya har yanzu.

Haka za ka yi a photos.google.com: ka duba hoton ƙarshe da ka ɗauka, ka gangara zuwa mafi tsufa, ka buɗe bidiyo ɗaya ko biyu ka kalla har ƙarshe. Ga abin da ka kwafa zuwa kwamfuta, ka kwatanta yawan fayiloli da girman kowace folda da na waya. Wannan binciken yana da wata fa'ida babba, wato yana tilasta maka rubuta kalmar sirrin Google da hannunka, abin da tambaya ta gaba ta ginu a kai. Idan na'urar ta wani ce, ka fita daga asusun bayan ka gama.

10. Na manta kalmar sirrin Google. Zan iya gogewa daga baya in nemo ta?

A'a, ka nemo ta tukuna. Mutane da yawa a shagon da suka sayi waya aka buɗe musu Gmail, ba su taɓa rubuta kalmar sirrin da kansu ba, kuma wayar da ke hannunsu ita ce kaɗai wurin da asusun yake buɗe. Goge ta a wannan hali yana jawo asara biyu. Ta farko, lambobi da hotunan da aka ɗora suna cikin asusun da ba ka iya shiga. Ta biyu, tun daga Android 5.1 akwai kariyar da ake kira Factory Reset Protection, wadda take hana amfani da wayar da aka goge, musamman ta hanyar danna maɓallan gefe, har sai an shigar da tsohon makullin fuskar waya ko asusun Google da yake kanta a da. An yi ta ne don ɓarayi, amma tana kulle mai waya na gaskiya idan ya manta.

Tun wayar tana aiki, ka duba cikakken adireshin Gmail ɗinka a Settings ka rubuta shi a takarda, sannan ka shiga Manage your Google Account > Security ka ga lambar da aka ɗaura don farfaɗo da asusu. Idan tsohon layi ne da ya ɓata ko lambar mai shago, ka canza ta zuwa taka. Idan ka sake kalmar sirri, ka jira aƙalla awa 24 kafin ka goge wayar, domin ana iya ƙin karɓar asusun idan an yi su kusa da juna. Wanda ya kunna 2-Step Verification, wato matakin tabbatarwa na biyu bayan kalmar sirri, ya sauke Backup codes, lambobin sirri na ko-ta-kwana, ya ajiye, wanda kuma yake amfani da Google Authenticator ya tabbatar lambobin sirrin da manhajar take bayarwa sun hau asusu ko ya kwashe su zuwa wata waya.

11. Hirarrakin WhatsApp fa?

Suna da tasu adanawar daban, a Settings > Chats > Chat backup cikin WhatsApp. Ka duba asusun Google da aka zaɓa, ka danna Back up da hannunka a ranar gogewa, ka jira ta kammala. Bidiyo ba sa shiga sai an kunna Include videos, kuma girman adanawar yana ci daga GB 15 da aka ambata a tambaya ta 6. Don dawo da hirarraki dole ne lambar waya da asusun Google su zama waɗanda aka yi adanawar da su, kuma tayin Restore yana fitowa ne lokacin saita manhajar, don haka kada a tsallake shi. Idan an kulle adanawar da kalmar sirri, babu mai buɗe ta sai da ita.

12. Sayar da wayar zan yi. In fara share hotuna da lambobi ɗaya bayan ɗaya kafin in goge?

Kada ka yi haka, domin a nan ne mutane suke lalata adanawar da suka sha wahalar yi. Muddin wayar tana haɗe da asusunka, hoton da ka share a cikin Google Photos yana sharewa har a asusun, haka ma lambar da ka share a Contacts. Gogewar gaba ɗaya kuwa wayar kawai take shafa, ba ta aika umarnin share komai a asusu. Idan ka riga ka yi wannan kuskuren, ka duba Trash ko Bin da wuri, domin lambobin da aka share suna zama a can kwana 30 kafin su tafi, hotuna ma suna da nasu wa'adin.

Tsarin da ya dace ga mai sayarwa shi ne ya gama adanawa da tabbatarwa, ya cire asusun Google da na Samsung idan akwai ta Remove account, ya cire makullin fuskar waya, ya zare layi da memori, sannan ya goge daga cikin Settings da caji aƙalla kashi 70 cikin 100 ko wayar tana jone da wuta. Cire asusun shi ne zai hana wayar ta kulle a hannun mai saye kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 10. Idan wayar tana da eSIM, wato layin da ake ɗorawa a cikin waya ba tare da kati ba, gogewar takan tambaya ko a share shi, mai sayarwa ya share, wanda zai ci gaba da amfani da wayar kuma ya bar shi.

13. Na riga na goge ban adana ba. Akwai mai iya dawo mini da hotunan?

A wayoyin zamani, abin da ya kasance a ma'ajiyar waya kaɗai ya tafi. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama suna kulle bayanan mai su da mabuɗi tun daga kamfani, gogewa kuma tana lalata mabuɗin, don haka ko an tono ragowar abin da ke ciki ba ya karantuwa. Manhajojin da suke alƙawarin dawo da hotuna bayan irin wannan gogewa ba su da hanyar ƙetare wannan, kuma bai kamata a biya kowa kuɗi a kan wannan alƙawarin ba. Katin memori da ba a kulle ba shi ne daban, domin ana iya ceto wani abu daga gare shi da kwamfuta idan an daina zuba masa sababbin fayiloli nan take.

Kafin ka yanke ƙauna, ka shiga duk asusun Google da ka taɓa amfani da su, domin mutane da yawa suna da biyu ko uku, kuma lambobin suna iya kasancewa a wanda ba shi aka shigar bayan gogewar ba. Idan suna nan a contacts.google.com amma ba su bayyana a waya ba, ka kunna Sync ka ba ta 'yan mintoci, ka kuma duba ko tacewar da ke tambaya ta 3 tana nuna na layi kawai. Hotunan da ka taɓa turawa mutane ko ka ɗora a Facebook suna iya samuwa a can, ko da yake an rage musu kyau, kuma zaurukan WhatsApp da kake ciki suna dawowa da lambobin membobinsu da zarar ka sake shiga da layinka, sai ka bi su kana mayar musu da sunaye, wannan karon a asusun Google.